Tunda ya fara shan maganin alaji yake barci a aji

Assalamu alaikum Sista. Ɗana ne ɗan shekara 8, nauyinsa kilo 26, yana da alajin ƙura, atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido. An rubuta masa sirof, a jikin kwalbar an sa chlorphenamine 2mg/5ml, yana shan mil 5 da ƙarfe 7 na safe, mil 5 da ƙarfe 12 a makaranta nas ɗinsu ke ba shi, sai mil 5 da daddare. Sati 5 kenan. Atishawar ta ragu gaskiya amma hancin har yanzu a toshe yake, kuma malamarsu ta ce kullum daga ƙarfe 1 da rabi sai ya kifa kai a tebur, ko an tashe shi ba ya gane abin da ake yi, har ta fara cewa lalaci ne. Yaron da lissafi ne abin da ya fi so yanzu ya fara faɗuwa. Babansa ya ce in haɗa duka ukun in ba shi da dare ko in riƙa ba shi kofi da safe. Ni kuma ina tsoron in daina ciwon ya dawo. Ina so in rubuta wa nas ɗinsu takarda amma ban san me zan ce ta yi ba. Dan Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaronmu lafiya.

Kafin komai, dan Allah kar ki haɗa ukun nan ki ba shi lokaci ɗaya, ko da dare ko da rana. Mil 15 a tashi ɗaya miligiram 6 ne, ninki uku na abin da ake ba ɗan shekarunsa a sha ɗaya, kuma irin wannan maganin in ya yi yawa a jikin yaro ba barci kawai yake sawa ba, yana iya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki ya yi zafi ya bushe, yaro ya rikice yana surutai, wani ma har ya kai ga jijjiga. Kofin ma a bar shi, zai buɗe masa ido na ɗan lokaci ne ya hana shi barcin dare, washegari abin ya fi na jiya. Na san babansa mafita yake nema, ki faɗa masa da daɗin baki amma waɗannan biyun a ajiye su.

Sannan ki kwantar da hankalinki ta wani ɓangaren, yadda kike ba shi ɗin bai wuce ƙa'ida ba. Ɗan shekara 6 zuwa 12 ana ba shi miligiram 2 duk bayan awa 4 zuwa 6, kar ya wuce miligiram 12 a yini, shi kuma 6 yake sha. Matsalar a jinsin maganin take. Ni dai a ganina abin da ya dace shi ne a canja masa maganin gaba ɗaya, a daina ta jujjuya lokutan sha, kuma bari in yi miki bayanin dalili yadda in kin je gaban likita za ki yi magana da ƙarfin gwiwa.

In ƙura ta shiga hancin mai alaji jikinsa na sakin wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo atishawar da ƙaiƙayin da ruwan hancin. Magungunan da ake kira antihistamin suna toshe wurin da histamin ɗin yake kamawa ne. To amma ita ma ƙwaƙwalwa tana amfani da histamin, kuma aikinsa a can shi ne riƙe mutum a farke da hankalinsa a tattare. Chlorphenamine yana cikin tsofaffin antihistamin, su kuma tsofaffin nan suna ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, sai su toshe na hanci su toshe na ƙwaƙwalwa a tare. Shi ya sa atishawa ta ragu kuma kai ya yi nauyi. Aiki ɗaya ne maganin yake yi a wuri biyu, ba yadda za a yi ki samu na hancin ki bar na kan in dai da wannan maganin ne.

Ki duba lokacin da malamar ta ambata kuma. Maganin nan yana kai ƙarfinsa a jini ne daga wajen awa 2 zuwa awa 6 bayan an sha, kenan na ƙarfe 12 ɗin yana fara hawa sosai daidai wajen ƙarfe 2. Kuma ba jini wankakke ya tarar ba, domin a jikin yaro sai an yi wajen awa 12 kafin rabin abin da ya sha ya fita, to na ƙarfe 7 na safe yana nan da yawansa, har na daren jiya da saura. Ga shi dama kowane ɗan adam, babba da yaro, jikinsa na ɗan yin sanyi tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana ko bai sha komai ba. Abu uku sun haɗu a awa ɗaya, yaro ɗan kilo 26 kuma yana zaune shiru ana bayani a allo, ina zai iya riƙe kansa. Wannan ba lalaci ba ne, kuma zan so wani babba ya faɗa masa haka da bakinsa, saboda yara suna ɗaukar irin wannan kalmar su riƙe ta a zuci su fara yarda cewa haka suke.

Akwai abin da iyaye da yawa ke yi in sun gane maganin ne, sai su ce to a bar na rana a riƙa ba shi da dare kawai, ai ma zai taimaka masa ya yi barci. Ya fi yadda ake yanzu, ban musa ba, amma bai warware matsalar ba. Saboda daɗewar da yake yi a jiki, na ƙarfe 9 na dare yana nan a kansa har lokacin darasin farko. Kuma barcin da waɗannan tsofaffin magungunan ke sawa ba irin barcin da jiki ke yi da kansa ba ne, suna rage wannan sashen na barci da ake mafarki a cikinsa, wanda yake da hannu wajen zaunar da abin da yaro ya koya da rana. Sai ki ga ya kwana awa 10 cur amma ya tashi kamar bai kwanta ba.

Wani abin da na fi so ki riƙe shi ne, kifa kai a tebur shi ne wanda ido ke gani, amma ba shi kaɗai ba ne. Wasu yaran bayan 'yan kwanaki gyangyaɗin yana raguwa sai a ce jikinsu ya saba, alhali saurin fahimta da riƙe abu a ka da saurin amsawa suna nan a ƙasa, kuma yaron da kansa in kin tambaye shi zai ce miki lafiyarsa ƙalau. Lissafin da kika ce ya fara faɗuwa ya fi damuna a kan barcin, don yana iya yiwuwa tun da safe ma ba ya kama darasin sosai, ba wanda ya lura ne kawai tunda idonsa a buɗe yake. An yi wani bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2007 a kan ɗalibai 1,834 'yan shekara 15 zuwa 17, aka kwatanta sakamakonsu na jarrabawar gwaji ta lokacin sanyi da ta ƙarshe wadda ke faɗowa a lokacin da alajin furanni ke tashi. Waɗanda alajin hanci ke damunsu a ranar jarrabawa, yiwuwar makinsu ya sauka da mataki ɗaya ya ƙaru da kashi 40 cikin 100, waɗanda kuma suka sha antihistamin mai sa barci ya ƙaru da kashi 70. Sun girmi ɗanki, amma abin lura a ciki guda biyu ne, maganin na jawo koma baya, shi ma alajin in aka bar shi haka nan yana jawowa. Don haka tsoronki na dainawa kawai a zauna yana da tushe.

Abin da za ki nema shi ne sabbin antihistamin, waɗanda kaɗan ne daga cikinsu ke shiga ƙwaƙwalwa. Uku ne aka fi samu, zan rubuta su yadda za ki gan su a jikin kwali: loratadine, cetirizine, fexofenadine. Ga yaro kamar naki wanda bai kai kilo 30 ba, loratadine miligiram 5 ne sau ɗaya a yini, in sirof ne mai miligiram 1 a kowane mil to mil 5 kenan, sai ya haura kilo 30 ake kai shi miligiram 10. Kin ga a nan har an huta da kai kwalba makaranta, ya sha a gida shikenan. Cetirizine yana aiki da sauri kuma yana da kyau wajen ƙaiƙayi, amma a cikin ukun shi ya fi ɗan sa gyangyaɗi ga wasu yaran, tunda kuma naki ya riga ya nuna jikinsa na jin irin wannan, ni ba da shi zan so a fara ba, in kuma shi aka zaɓa to ki sa ido sosai a satin farko. Fexofenadine shi ne mafi ƙarancin sa barci, ɗan shekara 6 zuwa 11 ana ba shi miligiram 30 sau biyu a yini, sai dai da ruwa zalla ake shansa, ruwan lemu ko na tuffa yana rage yawan maganin da ke shiga jini. Waɗannan adadin na faɗa miki ne don ki gane abin da za a rubuta, wanda ya duba yaron shi zai zaɓa, musamman in yana da matsalar hanta ko ƙoda ko yana shan wani magani na kullum. Kuma sabon zai maye gurbin tsohon ne, ba a haɗa su.

In kin je ki faɗi maganar kai tsaye, kar ki ji nauyi. Ki ce maganin da aka ba shi yana sa shi barci a aji kuma karatunsa ya ja baya, kina so a mayar da shi kan wanda ba ya sa barci. Ba rashin kunya ba ne ga likita, wannan shi ne ainihin bayanin da yake buƙata, ba zai taɓa sani ba in ba ki faɗa ba tunda ba ya ajin. In ganin likitan zai ɗauki kwanaki, ki kira shi ko ki je wajen mai harhaɗa magani da kwalbar a hannu ki tambaya ko za a iya cire na ƙarfe 12 ɗin kafin nan. Chlorphenamine ba ya cikin magungunan da sai an yi ta ragewa a hankali kafin a bari, abin da zai faru in an cire shi ne atishawa ta ɗan dawo. Sai dai in an taɓa ce miki yaron yana da alajin wani abinci ko cizon ƙwaro mai tsanani kuma wannan maganin na cikin tsarin da aka rubuta masa na gaggawa, to wannan tsarin daban ne, kar a taɓa shi sai da likitan.

Yanzu maganar hancin da ya ƙi buɗewa, don kar ki canja magani ki ga hanci na nan a toshe ki ce sabon ba ya aiki. Antihistamin, tsoho da sabo, gwanaye ne a kan atishawa da ƙaiƙayi da yoyo, amma toshewa kumburi ne a cikin hanci kuma ba su cika taɓa shi sosai ba. Wanda ya fi aiki a nan shi ne maganin fesawa a hanci mai siteroyid, irin su mometasone ko fluticasone. Na san kalmar siteroyid na tsorata iyaye, amma wannan kaɗan ne ƙwarai kuma a hancin yake aikinsa, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba, in za a daɗe ana amfani da shi likita zai riƙa auna tsayin yaron lokaci lokaci. Inda ake samun matsala da shi wuri biyu ne. Na farko gaggawa, ba ya aiki a ranar, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum, cikakken amfaninsa kan kai sati 2 kafin ya bayyana, da yawa kwana 3 suke yi su jefar. Na biyu yadda ake fesawar. Ya fara fyace majina, ki girgiza kwalbar, ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai kallon yatsun ƙafarsa, ki sa bakin kwalbar a ƙofar hanci ki karkata shi waje ta ɓangaren kunne, kar ya kalli bangon da ya raba hancin biyu don nan ne ke yin jini in ana ta fesa masa. Sannan ya shaƙa a hankali, in ya zuƙa da ƙarfi maganin maƙogwaro zai wuce ya haɗiye, zai ce miki yana jin ɗaci, to wannan alama ce bai tsaya inda ake so ba. Ruwan gishirin wanke hanci da ake sayarwa don yara shi ma yana taimakawa in aka yi amfani da shi kafin fesawar. Amma ɗigon nan masu buɗe hanci nan take irin su xylometazoline kar ki mayar da su na kullum, in aka wuce 'yan kwanaki ana sawa hancin ya kan dawo ya toshe fiye da da.

Na tsaya a kan toshewar ne saboda ita kanta tana sa gyangyaɗin rana. Yaron da ke kwana baki buɗe, yana juyi, yana farkawa kaɗan kaɗan ba tare da ya sani ba, da rana zai biya bashin barcin. Mai yiwuwa ɗanki abu biyun ne suka haɗu masa.

Kafin ki tafi wajen likita ki tattaro duk wata kwalba da yake sha a gida ki karanta ƙananan rubutun. Sirof ɗin tari da na mura da yawa akwai chlorphenamine ko diphenhydramine a cikinsu, maganin amai ko na jirin mota sau da yawa promethazine ne, sirof ɗin da ake ba yara don su ci abinci kuma wasu cyproheptadine ne a ciki, duk 'yan gida ɗaya ne kuma duk suna sa barci. Uwa sai ta ba da na alaji ta ba da na tari da zuciya ɗaya, ashe magani iri ɗaya ta ba da sau biyu. Ki duba kuma da me ake aunawa, a gida da makaranta, cokalin cin abinci ba ma'auni ba ne, wani ya fi mil 5 nesa ba kusa ba, a yi amfani da ɗan kofin da ya zo da maganin ko sirinjin baki.

To ta yaya za ki tabbatar maganin ne ba wani abu ba? Da rubutu. Ki samu takarda ɗaya ki ja layi na sati 2, kullum ki sa ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, me ya sha da lokacin, yadda hancin yake, sai ki bar gurbi ɗaya na malama ta rubuta kalma ɗaya kawai bayan darasin rana, a farke, ko gyangyaɗi, ko barci. Ki fara tun gobe kafin a canja maganin don a samu abin kwatantawa. Bayan an canja kar ki yanke hukunci da kwana 2 ko 3 na farko, tsohon bai gama fita ba. In maganin ne, zuwa ƙarshen satin farko ya kamata ki ga layin malamar ya koma a farke, a farke. Ki lura da ranakun da ba makaranta ma, ko yana ɓingirewa da rana a tsakiyar wasa. Sannan ki ƙirga barcinsa na dare da gaske, ɗan shekarunsa na buƙatar awa 9 zuwa 12, in yana tashi ƙarfe 6 to ƙarfe 9 ta same shi ya riga ya yi barci, ba a lokacin ake cewa je ka kwanta ba.

In sati 2 suka wuce da sabon magani kuma yana kan gyangyaɗi, to a koma asibiti a nemi wani dalilin, kar a ce halinsa ne. Ki shiga ɗakinsa da dare ki tsaya minti 10 ki saurara. In yana munshari mai ƙarfi kusan kullum, numfashin na tsayawa sannan ya ja da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, yana gumi, ko ya dawo fitsarin kwance bayan ya daina, wannan na iya nuna tsiron naman bayan hanci ko na maƙogwaro ya yi girma yana tare hanyar iska, kuma yana yawan zuwa tare da alaji. Ki ɗauki bidiyon da waya ki nuna wa likita, ya fi dogon bayani. In kuma yana yawan shan ruwa da yawan fitsari yana ramewa a gwada suga ba tare da jira ba. In tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari yana saurin haki a duba jininsa. Akwai kuma wanda malamai ke ɗauka gyangyaɗi ne, yaro ya tsaya cak ido a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a yini, wannan wani nau'in farfaɗiya ne mai magani, shi ya sa zan so ki tambayi malamar ta kwatanta miki ainihin abin da take gani.

Wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya shi ne in an kasa tashinsa, ko ya tashi a rikice bai gane mutane ba, ko ciwon kai da amai da sassafe, ko ya kasa fitsari, ko fuska da leɓe sun kumbura numfashi na wahala. Asibiti kai tsaye.

Sai takardar nas ɗin. Ki sani cewa ita ba ta da ikon canja magani ko rage shi da ra'ayinta, abin da aka rubuta kuma kika sa hannu shi take bi, don haka in kika rubuta mata cewa ta yi yadda ta ga ya dace kin sa ta a tsaka mai wuya. Ki ba ta bayani cikakke da buƙata a fili. Ga yadda zan rubuta in ni ce:

"Sista, barka da aiki. Ɗana da ke aji kaza, shekara 8, kilo 26, yana shan chlorphenamine 2mg/5ml, mil 5 ƙarfe 7 na safe, mil 5 ƙarfe 12 a wajenki, mil 5 da dare, saboda alajin ƙura, sati 5 kenan. Ba ya shan wani magani bayan wannan. Malamarsa ta ce yana barci a aji daga ƙarfe 1 da rabi, kuma muna zargin maganin ne. Za mu ga likita ranar kaza don a canja masa, duk abin da aka yanke zan aiko miki a rubuce. Kafin nan ina roƙon ki leƙa shi wajen ƙarfe 2 ki rubuta yadda kika same shi a takardar da na haɗo, ki kuma yi wa malamarsa da malamin wasanni bayani cewa magani ne ke sa shi haka. In barcin ya ci ƙarfinsa a bar shi ya kwanta a ɗakinki na ɗan lokaci maimakon a hukunta shi. In kin kasa tashinsa ko kin ga ya rikice ki kira ni nan take a lambar da ke ƙasa."

Ki sa kwanan wata da sa hannu, ki ajiye kwafi ko hoto a wayarki. Na sa malamin wasanni da gangan, domin yaron da ke kan wannan maganin saurin amsawar jikinsa ya ragu ko da ba ya gyangyaɗi a lokacin, to hawa sama da iyo da keke da tsallaka titi shi kaɗai bayan an tashi duk a sa masa ido har a canja. In akwai gwaji ko jarrabawa a cikin kwanakin nan ki roƙa a ba shi da safe ko a ɗaga masa, kuma ki tambayi malamar wane babi na lissafi aka yi a cikin sati 5 ɗin, don abin da ya wuce shi ba zai dawo da kansa ba ko da ya daina barcin, sai an zauna an sake bi da shi, lissafi kuma kin san kowane babi a kan na baya yake hawa.

Ranar da aka canja maganin ki sake aika takarda ta biyu gajeriya, an daina chlorphenamine daga yau, kar a ƙara ba shi na ƙarfe 12, sannan ke kuma ki je da kanki ki karɓo ragowar kwalbar. Wannan matakin ana yawan mantawa da shi, sai yaro ya sha sabo a gida da safe ya zo makaranta a ba shi tsoho da rana saboda sunansa na nan a rajistar masu shan magani. Kuma in likita ya ce za a yi masa gwajin alaji na fata, ki tambaya kwana nawa kafin ranar za a dakatar da antihistamin ɗin, sabon ma har da shi, don in yana jikinsa gwajin zai iya nuna ba komai alhali akwai.